Goge Suna Ba Ya Rufa Asiri



A saman kusan kowace takardar tambayoyi da ɗalibai ke yawo da ita a Dutse da kewayenta akwai wani layi da muka gada daga waɗanda suka riga mu, muka kwafa ba tare da mun tsaya mun karanta shi ba. Ma'anarsa ita ce duk abin da ka faɗa sirri ne, kuma ba za a yi amfani da shi ba sai don karatu. Mu ma mun rubuta shi lokacin furojet ɗinmu na difloma. Mun shiga gidajen mutane, an shimfiɗa mana tabarma, an kawo mana ruwa, mun fassara layin da Hausa cewa "ba wanda zai san ke ce kika faɗa." Yau muna ganin wannan magana alƙawari ne da mafi yawanmu ba mu da ikon cikawa, kuma hujjar da muke fakewa da ita, wato cewa ai mun goge sunaye, hujja ce maras ƙarfi ƙwarai.

Bari mu bi misali guda har ƙarshensa. Misali ne muka tsara, ba labarin wata sananniyar mutum ba, amma duk wanda ya yi furojet zai gane fasalinsa.

A ce wata ɗaliba tana bincike kan tazarar haihuwa a ƙauyuka 6 na ƙaramar hukumar Kiyawa. Ta tattauna da matan aure 120, wato 20 a kowane ƙauye. Babbar tambayarta ita ce: kina amfani da wata hanyar tazarar haihuwa, kuma maigida ya sani? Kowa ya san nauyin wannan tambaya a wurinmu. Amsar "ina yi, bai sani ba" tana iya kashe aure. Kafin a zo wurin, akwai tambayoyin nan na sashen farko da muke ɗauka tamkar gaisuwa ce kawai: shekaru, ƙauye, sana'ar miji, matakin karatu, yawan 'ya'ya, uwargida ce ko amarya. Ta dawo Dutse ta zuba komai a Excel, ta goge layin sunaye, ta saka lamba 1 zuwa 120 a madadinsu, hankalinta ya kwanta.

Yanzu mu yi ɗan lissafi. Shekarun matan sun fara daga 18 zuwa 45, wato shekaru iri 28. Idan ka haɗa ƙauye da shekaru kaɗai, 6 sau 28, ka sami gurabe 168 da za a zuba mata 120 a ciki. Gurabe sun riga sun fi mata yawa, don haka mata da yawa za su zauna su kaɗai a gurbinsu. Ƙara sana'ar miji, a ce iri 8, gurabe sun koma 1,344. Daga nan kusan kowane layi hoton mace ɗaya ne tak. Ɗauki layi na 47: shekara 34, ƙauye kaza, mijinta ladan ne, tana da shaidar NCE, ita ce ta uku a gidan. Mu da ke Dutse wannan layi ba ya faɗa mana komai. Kai shi wancan ƙauyen ka karanta wa yaro mai tallar gyaɗa, zai riƙe hannunka ya kai ka ƙofar gidan. A ƙarshen layin kuwa ga amsarta a rubuce.

Wani zai ce ai zama ita kaɗai a cikin fayil ba ya nufin ita kaɗai ce a ƙauyen, tunda ba kowace mace aka tambaya ba. Wannan gaskiya ne, kuma a babban birni yana ba da ɗan kariya. Matsalar ita ce a ƙauye ba a shiga gida a ɓoye. Ranar da ɗalibar ta zo, ɗan aiken mai unguwa ne ya yi mata jagora, yara suka bi ta a baya, mazan da ke zaune a majalisa suka ƙirga gidajen da ta shiga. Jerin waɗanda aka tambaya yana cikin kan kowa. Wanda ya san cewa matar ladan tana cikin su 20 ɗin nan ba ya buƙatar komai sai ya nemi layin da ya dace da ita.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniyar masu tattara bayanai. A shekarun 1990 wata hukumar inshora ta jihar Massachusetts a Amurka ta saki bayanan asibiti na ma'aikatan jihar domin masu bincike, bayan ta cire sunaye da adireshi. Ta bar ranar haihuwa, jinsi da lambar yanki ta gidan waya. A 1997 Latanya Sweeney, wadda ɗaliba ce a lokacin, ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge kan dala 20, ta jera takardun biyu gefe da gefe. Mutum 6 ne kawai a rajistar ke da ranar haihuwa ɗaya da Gwamna William Weld, 3 daga cikinsu maza, kuma shi kaɗai ne ke zaune a yankinsa. Ta fito da bayanan asibitin gwamnan jiha. Daga baya, da alƙaluman ƙidayar 1990, ta nuna cewa kusan kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa za a iya ware su ɗaya-ɗaya da waɗannan abubuwa uku. Ita sai da ta sayi rajista. Mu a nan rajistar kyauta ce, tana zaune a bakin masallaci da gidan suna da wurin ɗiban ruwa. Mutanenmu sun san shekarar da aka yi auren wance, sun san 'ya'yanta nawa, sun san wanda ya rasu. Abin da muke alfahari da shi na zumunci shi ne ke sa goge suna ya fi rauni a Kiyawa ko Miga fiye da Legas.

Ku da ke rubuta labari kun riga kun san wannan, ko da ba ku taɓa kiransa da wani suna ba. Sau nawa aka saka "labarin gaske" a shafi, aka ce an sauya sunaye, amma kafin la'asar 'yan unguwa sun gano matar da ake nufi? An mayar da sunanta wani daban, amma an bar cewa mijinta direban motar asibiti ne, an bar tagwayen, an bar gobarar da aka yi a gidan bara. Suna shi ne mafi sauƙin sauyawa, kuma sau da yawa ba shi ne ke tona mutum ba.

To me ɗalibar nan za ta yi? Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar wata manhaja ta musamman. Idan ƙauye yana layin B, shekaru a C, sana'ar miji a D, sai ta buɗe sabon layi ta rubuta wannan a gaban mace ta farko, ta ja shi har ƙasa:

```
=COUNTIFS(B:B,B2,C:C,C2,D:D,D2)
```

Lambar da za ta fito a gaban kowace mace tana nuna mata nawa ne a fayil ɗin ke da ƙauye ɗaya, shekaru ɗaya da sana'ar miji ɗaya da ita. Duk inda 1 ya fito, wannan matar a tsirara take. A misalinmu za ta ga 1 ya cika shafin daga sama har ƙasa.

Gyaran shi ne a dusashe bayanan. Maimakon ainihin shekaru, a yi rukuni 3: 18 zuwa 24, 25 zuwa 34, 35 zuwa 45. Maimakon ƙauyuka 6, a haɗa su yanki 2. Sana'ar miji ta koma rukuni 3: noma, kasuwanci, da sauran. Ladan ya shige cikin "sauran". Yanzu gurabe 3 sau 2 sau 3, wato 18, kuma idan an raba 120 a kansu kowane gurbi zai sami mata 6 zuwa 7. Amma wannan matsakaici ne kawai. Mata ba sa rabuwa daidai, don haka sai ta sake jan lissafin nan, kuma za ta tarar da gurbin da ke da mata 15 da wanda ke da 2. Mai 2 ɗin sai a haɗe shi da maƙwabcinsa. Sweeney da wasu masana sun gina wata ƙa'ida a kan wannan tunani: kada a saki fayil sai kowane mutum yana da aƙalla wasu adadin mutane da suka yi kama da shi sak. Mutane da yawa suna ɗaukar 5 a matsayin mafi ƙaranci. Sannan a tuna, matakin karatu da yawan 'ya'ya da matsayi a gidan miji ma suna buƙatar shiga wannan lissafi, kuma kowanne da aka ƙara yana sake farfasa guraben. Idan mace ɗaya ce kaɗai mai NCE a yankin, ba abin da rukunin shekaru zai yi mata.

Ko an yi wannan duka, akwai ramin da ya rage, kuma shi ne ya fi ba mu tsoro domin ba a ganinsa da sauri. A ce gurbin "yanki na biyu, shekara 35 zuwa 45, miji ɗan kasuwa" yana da mata 5, ƙa'ida ta cika. Amma duka 5 ɗin sun amsa cewa suna yi kuma maigida bai sani ba. Ɗan kasuwar da ya san an tambayi matarsa ba ya buƙatar gano wane layi ne nata. Ko wanne ne, amsar ɗaya ce. Irin wannan yana faruwa har a teburin da ke babi na huɗu, inda ba a nuna layin kowa ba. Da zarar ka ga kashi 100 cikin ɗari ko sifili a gaban ƙaramin rukuni, wannan teburin ya faɗi amsar kowane mutum da ke cikin rukunin. Tebur mai ɗauke da 1 ko 2 a wani gurbi shi ma haka.

Manyan masu bincike ma sun yarda cewa ba a samun kariya sai an yi asarar wani abu. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, wanda ya haɗa da Jigawa, ba ya sakin ainihin wurin da aka yi tambayoyi. Da gangan ake karkatar da alamar wurin a taswira, har zuwa kilomita 2 a birni, har zuwa 5 a karkara, wasu 'yan kaɗan ma har 10. Su da ke da dubban gidaje a fayil suna yin haka. Ɗalibinmu kuwa yana cika fom a waya da KoboToolbox, ya bar tambayar GPS a buɗe, wayar ta ɗauki tsakar gidan matar da tazarar 'yan taku, sannan ya ce ya goge suna.

Kuma gaskiyar magana, yawancin asirin da ke tonuwa a furojet ɗin ɗalibai ba ta hanyar lissafi yake tonuwa ba. Mu da kanmu mun kai damin takardun tambayoyi shagon buga takardu, muka bar su kwana uku a kan tebur, yaron shago yana shigar da su kwamfuta, abokansa suna zaune suna jiran caji. Fayil ɗin ya zauna a kwamfutar shagon bayan mun karɓi aikinmu, kuma ba mu taɓa komawa mun ce a goge ba. Mun tura shi zauren WhatsApp na 'yan rukuninmu. Mun ba wani ƙane da ke bayanmu a filash don ya "ga yadda ake yi". Wasu maimakon su goge layin sunaye sai su danna Hide, wanda kowa zai iya buɗewa da Unhide. Masu amfani da Google Forms suna mantawa cewa kowace amsa tana zuwa da Timestamp, kuma idan ka tura wa abokin ajinka fom da ƙarfe 9:10 na dare, amsa ta shigo 9:14, ka san ta wane ce. Takardun kansu fa? Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai ko awara aka naɗe masa a takarda mai rubutu ya san inda tsofaffin takardu ke ƙarewa a garin nan.

Wannan ya kawo mu ga amincewa, inda muke ganin laifinmu ya fi girma. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta saka bayanan lafiya, addini, ƙabila da ra'ayin siyasa cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. Ta ce amincewa sai ta kasance da son rai, kan takamaiman abu, bayan an fahimtar da mutum, kuma shiru ba amincewa ba ne. Mutum yana da damar janyewa. Idan yaro ne, sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Tun 2007 kuma akwai ƙa'idar ƙasa ta ɗa'ar binciken lafiya, wadda ke buƙatar kwamitin ɗa'a ya duba bincike kafin a taɓa mutane. Mu auna abin da muke yi da wannan ma'auni.

Ɗaliba ta je wurin dagaci da takardar makaranta, dagaci ya haɗa ta da mai unguwa, mai unguwa ya yi wa maigida magana, maigida ya leƙa ciki ya ce ga baƙuwa ku amsa mata. Mutum uku sun amince, kuma ba ɗaya daga cikinsu da za a tambaya ko yana shan ƙwaya a ɓoye. Bin wannan hanya dole ne, ba wanda zai shiga gari ba sallama, kuma ba muna cewa a tsallake masu gari ba. Izininsu na shiga gari ne da shiga gida. Izinin buɗe cikin mace yana hannunta. Sai dai macen da mijinta ya ce ta amsa, ga baƙuwa ta zauna a tabarmarta, ga kishiya tana tankaɗe a gefe tana kasa kunne, ta yaya za ta ce a'a? Kunya da kara za su sa ta ce "to, ba komai". Mun sha rubuta wannan "ba komai" a matsayin amincewa. Haka ma malamin da ya raba fom ga ɗaliban da zai yi wa makin jarabawa, ko ɗalibar aikin jinya da ke tambayar matan da ke layin awo sanye da farin kaya: mai amsawa tana zaton idan ta ƙi, ba za a duba ta ba.

Arewa ta riga ta ɗanɗana abin da ke biyo baya idan aka yi wasa da wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200, kuma 11 daga cikinsu sun rasu. Iyalai sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki. Shari'a ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Furojet ɗin difloma bai kai wannan ba ko kusa, amma hanyar da amana ke zubewa iri ɗaya ce. Idan asirin matar ladan ya fita, ɗalibin da zai zo ƙauyen baɗi zai tarar da ƙofofi a rufe, ko kuma, abin da ya fi muni, a karɓe shi da fara'a a cika masa fom da ƙarya.

Mun san abin da za a ce mana. Furojet ne kawai, wa zai karanta? Malamin da ke duba aikin yana son ganin ɗanyen bayanai don ya tabbatar ba a ƙarƙashin bishiya aka cika fom ɗin ba, kuma yana da gaskiya, domin ana yin hakan. Sannan idan aka dusashe shekaru da ƙauyuka, binciken ya rasa kaifinsa: ba za ka iya cewa ƙauye kaza ya fi ƙauye kaza ba. Wannan na ƙarshe mun amsa shi, asara ce ta gaske. Sai dai da mata 20 a ƙauye, kwatancin dama ba shi da ƙarfin da za a gina wani hukunci a kansa. Batun malami kuwa, nuna masa takardu a ofishinsa daban, liƙa dukan fayil a bayan kundin da za a ajiye a ɗakin karatu daban. Maganar "wa zai karanta" ita ce mafi rauni. Kundin yana kan kanta, kwafinsa yana kwamfutar shago, tsofaffin furojet suna yawo daga hannu zuwa hannu har ana sayar da su a intanet. Kuma ɗalibai daga waɗannan ƙauyuka suke zuwa. Ba abin mamaki ba ne wanda zai buɗe kundin shekara biyu masu zuwa ya kasance ƙanen ladan ne.

Abin da muke goyon baya shi ne a fara tun daga tsara tambayoyi. Kowace tambaya ta sashen farko a tambayi kai: a wane tebur za mu yi amfani da ita? Idan babu, a cire ta. Idan rukunin shekaru za a yi amfani da shi a ƙarshe, a tambayi rukunin tun farko, kada a karɓi ainihin shekarar. Abin da ba ka tattara ba, ba zai zube daga hannunka ba. Takardar amincewa mai suna ko dangwalen yatsa a raba ta da takardar amsoshi, kada a maƙale su tare. A shigar da bayanan da hannun kai, ko a zauna a gaban mai shigarwa a tabbatar an goge. A sa ranar da za a ƙone takardun, a kuma ƙone su.

Sannan a sauya alƙawarin. A nemi mace ita kaɗai, a ɗaki ko bayan gida, a faɗa mata magana mai kama da wannan: "Yaya, ni ɗaliba ce, ba ma'aikaciyar asibiti ba ce, ba kuma tallafi na kawo ba. Ba zan rubuta sunanki ba. Ni da malamina ne kawai za mu ga wannan takarda. A littafin da zan rubuta zan haɗa amsarki da ta sauran mata, ba zan ambaci ƙauyen nan ba. Amma mutane sun ga na shigo gidan nan, wannan ba zan iya ɓoye shi ba. Duk tambayar da ba ki so, ki ce mu wuce. Idan ba ki son yi gaba ɗaya, zan zauna mu ɗan yi hira in tashi, ba wanda zai san ba ki amsa ba."

Jimlar ƙarshen nan ita ce ke buɗe mata ƙofar cewa a'a ba tare da ta saɓa wa maigida ko ta kunyata baƙuwa ba. Wasu za su bi ta wannan ƙofar, kuma mata 120 za su iya komawa 95. Sai a rubuta 95 a babi na uku, a faɗi cewa 25 sun ƙi.